Fankar da Na Ba Ƙawata ta Gummi

Ni dai a unguwarmu ta Anka ni na fara kafa farantin sola a kan rufin ɗaki, wannan ba mai musu da ni. Ɗana ya kawo masu kamfanin, sunka hau sama sunka ɗaura shi, sunka rataya mini ƙwan lantarki uku da akwatin da ke tara wutar. Kowane wata a biya ta waya, wuta ta ci gaba. In ba a biya ba, akwatin ya yi gum kamar bai taɓa sanin ka ba. Nawa bai taɓa yin gum ba. Matan unguwa har layi suke yi da wayoyinsu a ƙofar ɗakina, ni kuwa ina kan tabarma ina nuna wadda za ta fara.

A azumin wata shekara mai zafi, wadda ko ruwan randa sai ka yi masa fifita, wakilin kamfanin ya yi sallama gidana ana saura kwana goma sha biyu Sallah. Magidanci ne mai furfura kaɗan a gemu, mai yawan durƙuso. Ya ce sun kawo garaɓasar Sallah. Duk tsohon mai sola da ya jawo sabon mutum, wanda bai taɓa rajista da su ba, to za a ba shi fanka, shi ma sabon a ba shi tasa. Ya miƙo mini ɗan kati.

"Inna, ga lambarki nan a jiki. Wanda kika turo ya nuna ta ranar da zai yi rajista, ya biya kafin alƙalami kafin ranar Sallah. In an rufe rajista babu lambar, shi ke nan, ko ni ba ni iya sa ta daga baya."

"Ɗan nan, tun ba a haife ka ba nike tura mutane wurare," na ce. "Je ka abinka."

Da ya fita na juya katin. Ban iya karatu ba, amma ido na gare ni. Mata biyu ne a jiki, sun washe baki, kowace ta rungume fankarta.

Take ƙawata ta Gummi ta faɗo mini. Tare munka tashi a Bukkuyum, aure ya jefa ta Gummi, ni ya jefo ni Anka. Mun ƙulla ƙawance tun muna ɗaukar tallar fura, kuma tun daga ran nan ba Sallar da ta wuce ba mu aika wa juna wani abu ba. Abin da ke ci mini rai shi ne hannunta ya fi nawa nauyi. In na aika kwano, ta aiko fanteka. In na aika zane ɗaya, ta aiko turmi. Shekara arba'in da wani abu ina neman ranar da zan aika mata abin da zai sa ta rasa ta cewa.

Na kira ta bayan shan ruwa.

"Ƙawa, har yanzu da fitilar nan mai batir kike lalube?"

"Mai-sunan-Inna, ke kin fara. Mi anka yi kuma?"

Haka take kirana. Sunana ɗaya da uwar mijinta, don haka tun da ta shiga gidan nan bakinta bai ƙara furta sunana ba. Tsohuwar ta daɗe da rasuwa, amma kunyar tana nan.

Na ce mata ta je shagon masu sola na Gummi ta yi rajista. Na ce na yi magana da manyan kamfanin, kuma saboda girman da suke ba ni za su haɗa mata da fanka, barka da Sallah daga gare ni. Maganar tawa fankar ban ɗauko ta ba. Katin kuwa na cusa shi ƙarƙashin katifa, don in ta ga mata biyu da fanka biyu, ai ta gane kyautar tawa da riba a ciki.

"To in na je mi zan ce musu?"

"Ki ce ni na turo ki. Wa bai san ni ba?"

Ta sayar da buhun gyaɗarta ta biya kafin alƙalami, anka kafa mata sola. Ana jajibirin Sallah sai ga direban motar Gummi a ƙofar gidana da zabi biyu a ɗaure da kwalbar man shanu, wai ƙawata ta ce a gaya mini godiya ce tun kafin fanka ta iso. Direban ya ce duk unguwarsu an san labari, wai ƙawarta ta Anka da masu kamfani take zama. Na sa anka yanka zabin, na soya su da man, na rarraba wa maƙwabta cinya da fiffike ina faɗa musu dalili. Sallar nan na yi tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba.

Kwana goma bayan Sallah fankoki sunka fara shigowa. Mai wankin hula na bakin kasuwa ya samu. Wata da ba ta fi shekara da kafa sola ba ta samu, har ta fito da ita tsakar gida tana shanya gero a gabanta don a gani. Ni shiru. Na yafa mayafi na tafi shagon da ƙafata.

Wakilin ya duba wayarsa, ya sake dubawa, ya ce lambata ba ta jawo kowa ba. Na ce ya kira wakilinsu na Gummi yanzu a gabana. Ya kira, ya buɗe murya ina ji.

Na Gummi ya ce ya tuna tsohuwar sarai. Ya tambaye ta kati, ta ce ba a ba ta ba. Ya ce to ta faɗi sunan wadda ta turo ta ya duba, sai ta ja mayafi ta rufe baki. Ya yi ta lallashi, ta ce, "Ta Anka ce, mai sola, kowa ya san ta." Ya ce masu sola a Anka da yawa. Ta ce, "Doguwa, mai faɗa." Ya gwada lambar wayata da ke cikin wayarta, ba ta fito ba, don da lambar ɗana anka yi rajistar. Ya ce ta kira ni mana. Ta ce ita ba ta kiran mai kyauta ta tambaye ta hanyar kyautarta, ba a yi mata wagga tarbiyya ba. Mutane na jira a bayanta, ya bar gurbin babu komai ya rufe.

"Doguwa mai faɗa?" na ce. "Ni?"

"Inna, ai na gaya miki ki ba da katin."

"To yanzu ka sa."

"An rufe garaɓasa tun ranar Sallah. Ita kuma yanzu ba sabuwa ba ce."

Na ce ya haɗa ni da manyansa. Ya ce manyansa shi ma bai taɓa ganin su ba, saƙo kawai suke turo masa.

Na dawo gida na zauna. Na ci zabin ƙawata, na lashe manta, rabin Anka sun taya ni ci. Gummi kaf tana jiran fanka. In na ce kamfani ya hana, to ina girman da na ce suna ba ni? In na faɗi gaskiya, sai katin ƙarƙashin katifa ya fito. Kwana biyu ina juya abin. Rana ta uku na sa anka kai akuyata kasuwa, ja mai haihuwar tagwaye, wadda ko ɗana ban yarda ya taɓa ba. Na koma shagon na sayi fankar da kuɗina, irin ta garaɓasar sak. Na ce wa wakilin in maganar nan ta fita, daga bakinsa ta fita. Ya rantse har da dafa ƙirji.

Na shiga motar safe, don hanyar nan ba a son la'asar ta riske ka a kanta. Fankar na kan cinyata a cikin kwali, na naɗe ta da sabon zane. A tashar Gummi na ƙi hawa babur, na ɗora ta a kai na ratsa unguwar a ƙasa, ina amsa gaisuwa dama da hagu.

Tun daga zaure na ji wani ɗan kuka, fir-fir-fir. Na ɗaga labulen ɗakinta. Ga ƙawata a kishingiɗe, ga fanka a gabanta tana juya kai, irin wadda ke bisa kaina.

"Maraba da Mai-sunan-Inna! Sauke, sauke, wuyanki zai ƙage."

Na sauke. Na nuna ta ɗakin da haɓa. "Wagga fa?"

"Au, wagga? Ai da sunka gama yi mini rajista sai yaron shagon ya ba ni nawa katin. Na ga mata biyu, fanka biyu. Na ce ya karanta mini, ya karanta." Ta gyara zama. "Sai na tuna da ƙanwar nan tamu ta Bukkuyum mai ƙuli-ƙuli. Na aika mata katin a motar kasuwa, na ce ta je ta yi kafin Sallah, ita ta samu ni in samu. Shekaranjiya anka kawo mana."

"Kin gaya mata ke ma za ki samu?"

"Mi zai hana? Sata ce?"

Na ce zafin garinsu ya fi na Anka, ta ba ni ruwa.

Ta kwance zanen, ta buɗe kwalin, ta yi ta shafa fankar tana sa mini albarka. Ta aika anka kira maƙwabta, sunka cika ɗakin. Ta ce su gani da idonsu, ga kyautar da ƙawarta ta sa manyan kamfani sunka aiko, kuma don girmamawa da kanta ta ɗauko a kai. Ko murmushi ba ta yi ba. Ni ma na zauna na karɓi yabon yadda ya kamata, don akuyata na biya shi.

Da sunka watse ta matso kusa da ni.

"Ke ina taki?"

"Tana hanya."

"Direba ya ce ya ga jar akuyarki a kasuwar Anka."

"Ta tsufa ne."

"Allah sarki. Ga ta kuwa da ciki."

Munka ci tuwo, kowa da fanka a gabanta, ba wadda ta ƙara ɗaga maganar. Da na tashi tafiya sai ta cire tata, ta garaɓasar, ta naɗe da zanen da na zo da shi, ta ɗora mini a kai da hannunta.

"Barka da Sallah, Mai-sunan-Inna. Na yi magana da manyan kamfani, sun ce saboda girmana a ba ki."

Na so in ajiye mata abinta, amma kyautar ƙawa ba a mayar da ita, kuma ɗakina da zafi. Na sake ratsa unguwar da kaya a kai, mutane na tambaya ko fankar ta lalace ne. Na ce musu wata ce daban.

Da na iso Anka na kunna ta, matan layin caji sunka taru, na ce garaɓasata ce ta iso a makare saboda tawa daga babban ofis anka aiko ta. Washegari na sayi zabi na ba direban Gummi. Biyu ta aiko mini, don haka uku na aika.