Shekaru Ne Gaba Ko Fasali

Shekarata ta farko a Dubai zaman gida na yi. Maigidana injiniya ne a wani kamfanin gine-gine, da sassafe yake fita, ni kuma in wuni a flat ɗinmu na Hor Al Anz, daga ni sai ƙarar AC. Kafin mu taso, Turanci nake koyarwa a wata sakandare a Zariya, kuma ba yabon kai ba, ɗalibaina suna cin jarrabawa. Saboda haka da wata cibiyar koyar da harsuna a unguwar Karama ta kira ni gwaji, ko ɗar ban ji ba.

Shugabar malaman, wata Baturiya mai furfura, ita ta faɗa mini darasin ta waya: yadda ake jera sifofi a gaban suna. Za a ba ni aji na gaske, ita kuma ta zauna a baya tana kallo.

Darasi ne da na sha koyarwa. A Turanci, idan sifofi suka taru a gaban suna, ba a zuba su yadda aka ga dama. Ra'ayin mai magana ne kan gaba, sai girma, sai shekaru, fasali, launi, inda abin ya fito, abin da aka yi shi da shi, sannan amfaninsa. Haka na haddace tun ina ɗaliba, haka na sa yara suka haddace.

Ajin na manya ne, masu zuwa bayan la'asar daga wurin aiki. Akwai Indiyawa, akwai Larabawa, da wasu 'yan mata biyu 'yan Rasha. A layin gaba kuwa wani dattijo ne da hula zanna bukar. Ina faɗin ƙasata ya ɗago.

"Bahaushiya ce ke?"

"Eh, Alhaji. Ina wuni?"

"Allahu akbar! Lafiya lau, 'yata." Ya juya ga sauran da guntun Turancinsa yana nuna ni, yana buga ƙirji, wai 'yar ƙasarsu ce, yau za su ga karatu. Ɗan kasuwa ne daga Kano, kayan roba yake lodawa a kwantena, ya shiga ajin don ya daina neman mai rubuta masa saƙo zuwa ga masu kamfani.

Farko komai ya tafi daidai. Na rubuta a allo: a beautiful small old wooden chair. Na nuna musu kyau ra'ayi ne, ƙanƙanta girma ce, tsufa shekaru ne, katako kuma abin da aka yi kujerar da shi, shi ya sa yake manne da sunan. Na juya jerin, na karanta da ƙarfi, a wooden old small beautiful chair, waɗanda kunnensu ya fara sabawa suka yi dariya. Alhaji ya ce da Hausa, "Mu ai katakon baya muke kai shi. Kujerar katako." Na fassara wa ajin, har Baturiyar ta yi murmushi ta rubuta wani abu.

Sai na ba da misali na biyu, an old round table, tsufa shekaru, da'ira kuma fasali, na rubuta jerin takwas ɗin a gefe, kowa ya kwafa.

Wata Bamisiriya ta ɗaga hannu. Likitar haƙori ce da ke shirin jarrabawar Turanci, mace mai natsuwa, ba neman ƙure take ba. Ta ce a littafin nahawun da take karantawa fasali ne ke zuwa kafin shekaru. Ta taso ta miƙo mini. Na duba. Babban littafi ne, na mutanen da harshen nasu ne, kuma ga shi ɓaro-ɓaro: fasali, sannan shekaru.

Ban taɓa ganin haka ba. Na maimaita a zuciyata, old round table, round old table, kunnena ya ƙi zaɓar mini. Na ce a raina littafi ba zai yi kuskure ba, wataƙila ni ce na yi shekaru ina koyar da yaran mutane ba daidai ba. Na ɗauki magogi na goge, na sauya su. Ajin duka suka soke nasu suka gyara.

Ina juyowa sai ɗaya daga cikin 'yan Rashan ta ɗaga wayarta. Ta ce ita kuma abin da ta samu irin na farkon ne, shekaru kafin fasali.

Na sake gogewa.

Har yau in na tuna wannan gogewar ta biyu sai na runtse ido. Na mayar da jerin yadda yake, rubutun ya karkace. Wani Ba'indiye ya tambaya cikin ladabi, "Madam, wanne za mu rubuta?" Na dubi littafin likitar, na dubi allon, na sake ɗaukar magogin.

"Malama, ki natsu," in ji Alhaji, da murya yadda kowa zai ji. "Ki yi bismillah. Kin sani, wallahi kin sani."

Ba mai jin Hausa a cikin sauran, amma kowa ya gane lallashina ake yi.

Baturiyar ta taso daga baya, ta miƙo hannu, na ba ta alƙalamin allon. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa ajin littattafai sun saɓa a wannan gurbin, wasu su sa shekaru gaba, wasu fasali, kuma ana jin duka biyun a bakin masu harshen. Jerin ba doka ba ce da wani ya kafa, lura aka yi da yadda mutane suka fi magana. Abin da za su riƙe da ƙarfi shi ne ra'ayi yakan zo da wuri, asali da abin da aka yi abu da shi da amfaninsa su zauna kusa da suna. Ta ƙara da cewa da wuya ma mutum ya jera fiye da uku a magana. Ta mayar mini da alƙalamin. Na ƙarasa darasin, amma ban san me na faɗa ba.

A ofishinta ta ba ni ruwa. Ta ce rashin sanin ba komai ba ne, ita ma takan duba littafi. Abin da ya dame ta shi ne na bar ɗalibai da rubutu soke-soke, su tafi gida ba su san wa za su yarda da shi ba. Da na ce musu zan bincika, da ya wadatar. Na ce na gode. Ta ce za su tuntuɓe ni, na kuma san ma'anar hakan.

Na fita ta matakala don kada in haɗu da Alhaji a lif. A gida na tarar maigidana ya dawo da wuri, ya sayo mandi, shinkafa da nama irin ta Larabawa, yana jiran labari. Na ce masa kaina ke ciwo. Sai washegari na iya ba shi labarin, shi ma rabi.

Ba su ɗauke ni ba. Bayan wasu watanni na samu aiki a wata ƙaramar makarantar yara a Sharjah.

Wata Juma'a muna sayayya da maigidana a wani kanti a Deira na hango hular nan. Na yi sauri na shige bayan buhunan shinkafa, amma ya riga ya gan ni.

"Malama! Malama 'yata!"

Dole na fito na gaishe shi, kaina a ƙasa. Ya kama hannun maigidana ya ƙi saki, yana ce masa Allah ya ba shi mata mai ilimi. Ko kusa bai taɓo maganar allon ba. Ya zaro waya ya nuna mini saƙon da ya rubuta wa wani mai kamfani da kansa, yana neman big new blue plastic buckets.

"Duba mini. Girma, shekaru, launi, roba. Ko na karkace?"

Na karanta sau biyu, don ban yarda da kaina ba.

"Daidai ne, Alhaji."

"To alhamdu lillahi. Khalas, shi ke nan." Ya mayar da wayar aljihu, ya tambayi maigidana ko a wane masallaci yake Juma'a. Suka shiga hirarsu, ni kuma na tsaya riƙe da kwandon sayayya, ina addu'ar su gama mu tafi.