Rodin Benen Kawu

Shekarar da na gama karatun injiniya, kawuna yana ɗora bene a Tarauni. Magininsa, wani dattijo ɗan Gyaɗi-Gyaɗi, ya lanƙwasa rodin da aka kawo a gwiwarsa, ya ce ya cika laushi, shi ba zai zuba dakin, wato kankaren rufin bene, a kansa ba. Ni kuwa lokacin kaina ya fi hulata girma. Na ce ai ba a auna ƙarfe da gwiwa, a ba ni guntu in kai ɗakin gwaji.

Inji ya kama guntun sama da ƙasa yana ja, layi yana fita a kwamfuta. Da farko layin ya miƙe sambal yana hawa, wato da za a saki rodin a nan, zai koma tsawonsa. Sai layin ya kwanta, rodin yana ƙara tsawo ba tare da an ƙara masa ja ba. Layin ya sake hawa har ƙololuwa, sannan tsakiyar rodin ta tsuke ta yi siririn wuya, layin ya gangaro, ya tsinke.

Gangarowar nan ta ba ni damar nuna ilimi. Na san injin yana raba ƙarfin ja ne da faɗin bakin rodin na asali, alhali wurin ya sirance. Na auna wuyan, na raba da nasa faɗin, na sami nauyin gaskiya da ƙarfen ya sha, lamba ƙatuwa wadda ta zarce abin da zanen gini ya nema. Nan take na buga wa Kawu waya na ce a kawo siminti.

Ma'aikacin ɗakin gwajin yana jina. Ya ce lissafina daidai ne, sai dai ƙarfin rodi ne a lokacin da yake mutuwa. Ya ɗora yatsa inda layin ya kwanta, ya ce daga nan rodi ba ya komawa yadda yake, kuma wannan lambar zanen yake nufi, a kan faɗin asali. Na duba. Ba ta kai ba, ko kusa.

"Sai rodi ya yi wuya za ka samu lambarka," in ji shi. "Kafin nan dakin yana kan masu gida."

Kunya ta kama ni, tsoro ya biyo baya, domin ɗakin da ke ƙarƙashin dakin ɗin na kakata ne.

Na tarar an sauke siminti, Kawu yana ta yabona gaban leburori. A gabansu na warware maganata, da bakin da na ƙulla ta. Maginin bai yi dariya ba, na so ma ya yi. Ya karɓi guntayen biyu, ya shafa wuyan da babban yatsa, ya tambaye ni a ina rodin ya fara sakin jiki. Na nuna masa a takarda.

"To, nan ne gwiwata ta ji," ya ce, ya miƙo mini takardata.