Ɗakin da aka tallata a Ojoo

Ruwan sama na yi mana yoyo a ɗakinmu na unguwar Sabo, jaririyata kuma na tari. Maigidana yana arewa sayar da goro. Sai na ga talla a waya: ɗaki da falo a unguwar Ojoo, da araha. Mai tallar ya ce in tura kuɗin shekara kafin ya kawo makulli.

Na yi shakka, don hoton ɗakin ya cika kyau. Na rubuta masa da ladabi: "Alhaji, don Allah a nuna mini takardar gidan da sunanka, kuma yayana zai zo ya ga ɗakin tukuna."

Nan take ya kira. "Ke wace ce da za ki tambaye ni takarda? Matar kulle me ta sani game da gida? Mutum goma na jira!"

Na ce, "To su goman su biya."

Ya zage ni da Yarabanci, ya kashe waya.

Yayana ya hau babur ɗin haya ya je unguwar. Gidan yana nan, amma cike da 'yan haya, mai shi kuma tsohuwa ce da ba ta san da wata talla ba. Na koma na ƙara jera robobi a ƙarƙashin yoyon.