Ledar Ɗakin Jaratu

Yayana Garga magini ne, kuma duk unguwarmu ta Birketeri a Yawunde an san shi da taurin kai a kan abu guda, wato ledar da ake shimfiɗawa kafin a zuba kankaren daɓe. Masu Faransanci suna ce mata foliyan, shi kuwa leda kawai yake cewa. Gidanmu yana gangare ne wajen kwata, inda ƙasa ba ta bushewa ko da rani. Matarsa Jaratu ta yi shekaru tana fama da ciwon ƙirji saboda sanyin tsohon ɗakinsu, tabarmar sallarta ma kullum a jiƙe take. Ni Raliya na sha yi masa gori, ina cewa, "Ka busar da ɗakunan mutanen Yawunde kaf, matarka tana kwana a fadama!" Sai ya ce mini in sha Allahu, har ranar da ya soma gina mata sabon ɗaki.

Ɗakin mita biyar ne da huɗu, ledar kuma faɗinta mita biyu. Wanda bai san aikin ba cewa zai yi mita goma ta isa. Garga ya sayo sha uku da santimita ashirin daga kasuwar Mokolo. Ya ce falle uku za a yanka, kowanne mita huɗu da arba'in, don bakin ledar ya hau bango da santimita ashirin ta kowane gefe, kuma kowane falle ya hau kan ɗan'uwansa da ashirin. In ba haka ba, laima za ta biyo ta mahaɗa ko ta gindin bango. Ya naɗe ta ya ajiye a zaure.

Jaratu gyaɗa take soyawa tana sayarwa. Wata rana ruwa ya sauko ba shiri, buhunta yana waje, ta ɗauki almakashi ta yanki mita biyu daga ledar ta rufe shi. A ganinta ai ledar ta yi wa ɗakin yawa. Iska ta yayyaga guntun, ita kuma ta manta da zancen.

Ranar zubin kankare abokan aikinsa suka zo taya shi, ni ina dafa musu abinci, Jaratu tana kasuwa. Don zumuɗi suka kwaɓa siminti tun yana daidaita yashi. Da ya warware ledar, falle na uku ya tsaya a mita biyu da arba'in. Ya dubi karkataccen yankan almakashin, ya gane hannun wa ne.

Mohaman Bello, abokinsa tun suna leburori, ya ce, "Haba Garga, ka haɗa su baki da baki, ka bar hawan bangon nan, za ta rufe ɗakin duka."

"Ta rufe a ido," in ji Garga. "Laimar kuma ta fito ko'ina, har ƙarƙashin gadonta."

Siminti ba ya jiran kowa, Garga kuma ba ya so a soma tambayar wanda ya taɓa ledar. Ya ce shi ne ya yi kuskuren awo. Garga, kuskuren awo! Ba wanda ya yarda. Ya shimfiɗa falle biyu cikakku a gefen gadonta da wurin sallarta, ya ɗora na ukun iya inda ya kai. Lungun bayan ƙofa ya rage babu leda, sai fankon buhunan siminti da ya shimfiɗa. Kafin Jaratu ta dawo ya ja ni gefe ya sa na rantse ba zan faɗa mata ba.

Ita kam ta samu sauƙi, tarin ya ragu, har ta yi ƙiba. Shi kuma ya jefa katifarsa a lungun nan, wai gado yana sa masa ciwon baya. Ba ya barin kowa ya share wurin. Na roƙe shi ya fasa lungun ya gyara, ya ce in ya fasa me zai ce mata? Wallahi na yi fushi da shi, na yi kuka, na kira shi mai kan dutse. Tari ya kama shi, damina bayan damina yana ƙaruwa, har rai ya yi halinsa. Likita ya faɗi sunan ciwon da Faransanci, ajali kuma na Allah ne, amma ni dai na san inda yake kwana.

Bayan sadakar bakwai muka shiga gyara ɗakin, ni da Jaratu. Muka ɗaga katifar. Ƙarƙashinta ya yi baƙi ƙirin, daɓen a jiƙe, sauran ɗakin kuwa a bushe ƙayau. Laimar ta tsaya a lungun nan, tsawon kwanciyar mutum.

Jaratu ta daɗe tana kallo. Ta durƙusa ta buɗe hannayenta a kan wurin, kamar yadda ta auna ledar ranar ruwan nan.

"Raliya," ta ce, "mita nawa ne nan?"

Ni kuwa na riga na rantse wa Garga. Ta zauna a kan laimar, ta ƙi tashi.