Albashin Malamar 'Yata

Shekarata ta uku ke nan a wani ƙaramin bankin ba da rance a Sabon Gari, ranar da malamar ajin 'yata ta zauna a gaban teburina. A wata makarantar kuɗi take koyarwa a Samaru. Rance take nema ta sayi firiza ta kama shago a Palladan, don ta bar koyarwar.

Aikina shi ne in ɗora takardar albashin mai neman rance kusa da takardar asusunsa ta banki ta wata shida. Abin da ya rage bayan an cire haraji da fansho, shi ya kamata in gani ya shiga asusu kowane wata, daga wurin aikin. Takardarta ta ce dubu saba'in. Na bi layukan asusun da bakin biro: dubu arba'in, wani watan talatin da biyar, wani kuma sai a kashi biyu. Ba ma daga asusun makarantar suke fitowa ba, daga na mai makarantar ne.

Na ce, "Malama, ko kina da wani asusun da ake saka ragowar?"

Ta girgiza kai.

"To adashin ma'aikata ake cire miki, ko wani bashi?"

"Hajiya, da ana cirewa ai da an rubuta." Ta rage murya. "Saba'in muke sa wa hannu. Abin da ya shigo kuma shi ke nan. Wadda ta yi magana bara, ba ta ga ƙarshen zangon ba."

Ƙa'idarmu, idan takardu suka saɓa, sai a kira wurin aiki a tabbatar. Na kai hannu kan waya, ta riƙe mini wuyan hannu.

"Don Allah kar ki kira. Zai san na nuna wa wani."

Na rasa inda zan sa kaina. In na yi lissafi da saba'in, na sa hannu a kan ƙarya, kuma biyan wata-wata zai cinye fiye da rabin abin da take samu da gaske. In na kira, na kore ta daga aiki. Na shiga wurin manaja, ya duba takardun bai ko zauna ba.

"Abin da ya shiga asusu shi ne albashi. Ki yi da matsakaicinsa."

Sulusin albashi kawai muke yarda ya tafi a biyan rance. Abin da lissafin ya ba ta ko rabin firiza bai kai ba. Ta daɗe tana kallon adadin, sannan ta ce ta gode, ba za ta karɓa ba. Ta ninke takardunta ta sa a jaka.

Mako biyu bayan nan na je Samaru biyan kuɗin makaranta. Na biya cif, mai makarantar ya miƙo mini rasit yana tambayar lafiyar maigida. Ta taga na hango malamar a gaban allo, 'yata a layin gaba. Na yi niyyar cire yarinyar, amma babu wata makarantar kusa da zan iya biya. 'Yata ta ƙara shekara biyu a can.