Tarwaɗa Goma, Baƙi Arba'in

Shekarata uku ina girkin suna da walima a Gyaɗi-Gyaɗi kafin wata Hajiya ta Tarauni ta aiko a kira ni. Babban gida ne, irin wanda idan matan cikinsa suka yaba girkinki, kin gama neman aiki. Maigidanta ne ya tashi daga jinya, ƙayar kifi ta maƙale masa a maƙogwaro har sai da aka kwantar da shi. Ya warke, za a yi walimar godiya, kuma da taurin kai irin na tsofaffi ya ce kifin dai yake so.

"Mutum arba'in ne," in ji Hajiya. "Amma ki ji ni da kyau. Ba kai, ba ƙaya, ba fata. Tsoka zalla nake so."

Na ce an gama. Wallahi ban ma tsaya na yi tunani ba.

Mu a wurinmu kifi da gunduwa ake lissafa shi. Tarwaɗa mai kilo ɗaya gunduwa huɗu ce, kuma kan ma gunduwa ne, har akwai masu yin fushi idan ba a ba su shi ba. Da wannan lissafin na je wurin mai kifina da sassafe na ce ya auna mini guda goma.

Da ya ji yadda za a yi da su, sai ya ajiye wuƙa ya dube ni. "Hajiya, tarwaɗa fa rabinta kai ne da ciki. In za a zubar da ƙaya da fata, kowane mutum ki yi masa rabin kilo. Ashirin za ki ɗauka."

Ni kuwa ba na son a koya mini sana'ata. Na ce masa in kifinsa ne ya yi kwantai ya nemi wata, ba ni ba. Bai yi musu ba, ya zuba mini goman a buhu.

A kicin ɗin Hajiya na fara aiki wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Na fille kan ta farko, na cire kayan ciki, na bi ƙashin baya da wuƙa, na saɓule fata. Abin da ya rage sala biyu ne, kowace ba ta fi tafin hannuna da yatsu ba. Na juya kifin na sake dubawa, kamar akwai inda nama ya ɓuya. Da na gama goman, bokitin shara ya cika taf, tiren nama kuwa ana ganin gindinsa. Akwai ma'aunin fulawa a kicin ɗin, na ɗora: kilo huɗu. Na sauke na sake ɗorawa. Huɗu dai. Kilo shida na abin da na saya da hannuna yana cikin bokiti, ni da ban taɓa zubar da kan kifi ba tunda uwata ta haife ni.

Na kira mai kifin a waya ko zan samu ƙari. Ya ce masu gasa kifi sun kwashe saura tun hantsi. Bai ce ai na faɗa miki ba, kuma wannan ya fi yi mini zafi.

Nan ne na yi kuskure na biyu: ban gaya wa Hajiya ba. Kunya ta hana ni. Na yanka naman gida arba'in, na ga kowane yanki abin dariya ne, ga shi mai zai ƙara tsuke shi. Na soya, na jera a tire biyu, ina addu'a kowa ya ɗauki ɗaya.

Bayan azahar aka fara kai wa maza, kamar yadda aka saba. Wa zai ɗauki ɗaya? Kifi ba ƙaya, ga yaji ya ratsa, bibbiyu suka riƙa ɗiba, aka aiko a ƙaro, tire na biyu ya bi na farko ina tsaye ina kallo. Har saƙon yabo Alhaji maigidan ya aiko.

Matan kuwa, su goma sha takwas a falon ciki, shinkafa da miya aka ajiye musu. Su ne masu aurar da 'ya'ya, su ne masu kiran mai girki. Hajiya ta shigo kicin ta buɗe tukwane ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tsaya a kan bokitin.

"Ina namu?"

Ta kama tire ta ba ni, ta ce in zo in kai musu lemo da kaina. Ina shiga falon wata dattijuwa ta ɗago daga farantinta.

"Hajiya, wai wace ce ta yi miki girkin nan? Mu san ta."

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta nuna ni da hannu, ta faɗi sunana da unguwarmu, a hankali, yadda kowa zai riƙe.