Benci Talatin da Shida

Ranar Talatar nan Salahuddeen ya riga ni fita masallaci. Da muka dawo daga asuba ya zauna a zaure ya sha koko da ƙosai, 'yarsa Baraka na kan cinyarsa tana ja masa gemu. Shi ne ɗana na fari, don haka ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba. Maƙeri nake ce masa, tun ranar da ya ajiye takardar difiloma a akwati ya tafi koyon walda a Funtuwa. Ya yi shekara huɗu a can, ya dawo Faskari ya buɗe rumfa a bakin hanya tare da abokinsa Rabo. Ƙofofi da tagogin gidaje da dama a unguwarmu aikinsu ne. Ina gane su daga nesa, domin ba ya barin tabon walda sai ya goge shi ya yi sumul.

Da hantsi ya aiko a kira ni rumfar. Na koyar a sakandare har na yi ritaya, kuma ni nake duba masa takarda kafin ya kai a buga. Wannan ta Hajiya Khadijatu ce, mai wata makarantar firamare a Sheme. Ta ba shi aikin benci sittin masu haɗe da tebur, kowane ɗaya naira dubu ashirin da biyar, ta biya kafin alƙalami dubu ɗari shida, ya ba ta rasit. Rashin wuta ya ja aikin, hutu ya ƙare, sai ta ce ya kawo abin da ya samu. Ya kai talatin da shida. Yanzu takardar neman biya zai rubuta mata.

Na tarar suna musu. Rabo na son a raba kafin alƙalamin a kan benci sittin ɗin, dubu goma kowane ɗaya. Ta haka dubu ɗari uku da sittin kaɗai za a cire yanzu, Hajiya ta ciko dubu ɗari biyar da arba'in.

"Haka kowa ke yi," in ji Rabo. "Baba, ka faɗa mashi. Da me za mu sayi katako da fentin sauran? Da kyawun fuskarshi?"

Na ce duka hanyoyin biyu daidai ne, muddin an rubuta a fili.

"To ni a cire duka," in ji Salahuddeen. "Kuɗinta ya daɗe a hannuna. In na kai sauran ta biya sauran."

"Kai dai da liman ka zama, da mun huta."

"Da liman ne ni, da na fara da kai, mai sallar asuba da hantsi."

Suka yi dariya, Rabo ya ja tabaransa ya koma kan ƙarfe.

Takardar gajeriya ce. Bayan kwanan wata da gaisuwa ta ce: benci da aka yi yarjejeniya, sittin, waɗanda aka kawo aka karɓa, talatin da shida, kuɗinsu dubu ɗari tara, kafin alƙalamin da aka biya, dubu ɗari shida, ga lambar rasit, an cire shi gaba ɗaya, cikon da ake nema, dubu ɗari uku, cikin mako biyu. Layin ƙarshe ya ce sauran ashirin da huɗu ba sa cikin wannan lissafi, za a kawo su da takardarsu daban a kan farashin farko. Kalma ɗaya na gyara masa.

Bayan azahar ya buga kwafi biyu, ɗaya na Hajiya, ɗaya ta sa hannu ya dawo da shi. Ya ci tuwo a tsaye, matarsa Hamida na yi masa faɗa, ya hau babur. Bayan la'asar, a hanyar Sheme, wata mota ta buge shi. Kafin a kai shi asibiti ya cika. Shekararsa talatin da ɗaya.

Da safe, kafin a yi masa salla, liman ya tambaya kamar yadda aka saba ko akwai mai bin mamaci bashi. Wani mutum ya matso, ya ce sunansa Nasir, shi ke riƙe da kuɗin makarantar Hajiya. Ya ce ba don son ransa ba, amma sun biya kafin alƙalami na benci sittin, kuma ashirin da huɗu ba su iso ba.

Na san abin da ke cikin takardar. Abin da ban sani ba shi ne ko ta isa hannun Hajiya, da kuma ko ta amince da lissafin. Ba a sami kwafi ko ɗaya a jakarsa ba. Ga ɗana kwance a gabana, ba wurin jayayya ba ne. Na ce duk abin da ake bin sa na ɗauka a wuyana. Aka yi salla.

Kwana biyu ina karɓar gaisuwa da wannan magana a raina. Kuɗin bai dame ni ba, don gona zan sayar. Abin da ya tsaya mini shi ne mutanen da suka cika ƙofar gidana sun watse da cewa ya tafi da kuɗin mutane a hannunsa.

Ranar uku Hajiya Khadijatu ta zo da kanta. Ta shiga wurin mata ta yi gaisuwa, sannan ta aiko a ce tana son ganina a zaure. Dattijuwa ce mai kaifin murya. Ta miƙo mini takardar, da sa hannunta da hatimin makaranta.

"Malam, hannu da hannu ya ba ni. Ni na riƙe duka biyun don Nasir ya dawo daga Yankara ya buga hatimi, sai ga labari. Nasir ɗin kuma ya taho jana'iza bai ga takardar ba. Ba na bin ɗanka ko kwabo. Shi ke bi na."

Ta juya ga Nasir. "A gaban mutane ka faɗa, a gaban mutane za ka gyara."

Nasir ya fita inda maza ke zaune a kan tabarmi, ya karanta takardar daga sama har ƙasa, layi bayan layi, ya ajiye dubu ɗari uku a gaban liman. Liman ya sa aka ƙirga, ya ce jama'a su shaida. Rabo ya rufe fuskarsa da hula. Ni kuwa sai na lura na gyara zama.

Kuɗin ya shiga cikin gado. Da aka zo rabo, na'urar walda da janareta suka faɗa kason Baraka, muka ba Rabo haya, yana kawo wa Hamida kuɗin duk ƙarshen wata. Ƙarfen da aka riga aka yanka na sauran bencin Rabo ya saya daga magada, ya ƙarasa aikin da sabuwar yarjejeniya tsakaninsa da Hajiya. Babur ɗin bai gyaru ba, aka sayar wa masu kayan gyara. Rigunansa na Juma'a ƙannensa suka raba. Rigar aikinsa mai ƙunar tartsatsi mahaifiyarsa ta wanke, ta ninke, ta sa a ƙasan akwatinta.